Yadda ake rage magana ba a kashe ta ba

Da wuya a sami ma'aikacin da ya zauna lakkwal a ƙasar nan wanda bai taɓa cin karo da maganar nan ba: “A Afirka, in tsoho ya mutu, ɗakin littattafai ne ya ƙone.” Ana rubuta ta bisa ƙyalle ranar bukin al'adu, ana liƙa ta a bangon biro, masu jawabi suna buɗe taro da ita. Wasu su sa sunan Amadu Hampate Ba a ƙarƙashinta, wasu kuwa su ce karin maganar Afirka ce, su huta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, maganar da ke yawo ragowa ce. An yi mata aski kafin ta iso bango, kuma askar ta tafi da kalmomi biyu waɗanda su ne dalilin da ya sa mai maganar ya buɗe baki tun farko.

Hampate Ba, Bafillacen Banjagara a ƙasar Mali, wanda ya rasu a Abijan cikin shekara ta 1991, ya faɗi wannan tunani fiye da sau ɗaya, kuma kowane karo da irin kalmominsa. A watan Disamba na 1960, ƴan watanni bayan Mali ta sami mulkin kai, ya tsaya gaban babban taron hukumar UNESCO a birnin Paris. Ya lissafa abin da ke ajiye cikin kawunan mutane: tarihi, sanin magani, farauta da su, noma, sanin yanayin sama. Ya ce waɗannan mutane masu mutuwa ne, kuma kullum mutuwa suke yi. Sa'an nan ya ce shi a wurinsa, mutuwar kowane ɗaya daga masanan gargajiyar nan gobara ce da ta cinye taskar al'adu wadda ba a ci amfaninta ba. A wannan jawabi babu ɗakin littattafai, babu ma kalmar tsoho cikin jimlar. Kuma ba kirari ya je yi ma dattawa ba: taimako ya je nema, domin a tattara abin da suka sani tun suna da rai.

A shekara ta 1966, wajen bukin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar, ya sake ƙera maganar, ta fito da siffar da ta fi kusa da wadda aka sani. Ga ta da Hausa, ba a rage kome ba: “A Afirka, duk lokacin da wani tsoho masanin gargajiya ya rasu, ɗakin littattafai ne da ba a ci amfaninsa ba ya ƙone.”

Mai karatu ya aza wannan kusa da ta bango, zai ga abin da ya ɓata. Na farko “masanin gargajiya”, na biyu “ba a ci amfaninsa ba”. Da aka cire na farko, kowane mai furfura ya zama ɗakin littattafai, alhali kowa ya san akwai tsohon da bai tara kome ba sai shekaru. Da aka cire na biyu, magana ta tashi daga kira ta koma ta'aziyya. Mai maganar yana cewa a gaggauta, akwai taska ba a buɗe ba, wuta kuma na kusa. Ta bango tana cewa Allah ya jiƙan tsofaffi. Mutum ya karanta, ya kaɗa kai, ya wuce, ba a ɗora mishi wani nauyi ba.

To, sai dai ba a ce duk wanda ya rage ta mugun nufi gare shi ba. Bango ne ba ya da haƙuri da doguwar magana, kuma duk wanda ya taɓa kai aiki gidan buga takardu ya san haka.

A ɗauka wata ƙungiyar al'adu a Maraɗi ta shirya aikin naɗar muryoyin dattawa, masu tarihin gari da maƙera da masu magani, tana kuma son afish, watau takardar bango, domin ta kira jama'a taro su taimaka. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin bugawa, wani mushe mai ritaya ya kawo maganar a cike, aka tafi wurin mai tsara takarda. Takardar da aka zaɓa ita ce wadda maɗaba'a ke kira A2, faɗinta santimita 42, tsawonta ya kusa 60. Za a liƙa ta a tasha da bakin kasuwa, inda mai karanta ta yana tafe ne, ko bisa kabu-kabu, ko da kaya a ka. Ƙiyasin masu wannan sana'a shi ne, harafin da ake so a karanta ba wahala daga nisan mita uku zuwa huɗu, sai tsawonsa ya kai wajen santimita 3. In aka bar santimita 3 a kowane gefe, saura 36 na rubutu. Harafi mai wannan girma yana cin wajen santimita 2 a kwance, saboda haka layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da harafi 18, har da giɓin da ke tsakanin kalmomi.

Maganar Dakar kalma 22 ce, harafinta da giɓi sun haura 110. Da yake ba a tsaga kalma biyu, sai ta ci layi takwas. Kowane layi da sararin da ke ƙarƙashinsa santimita 5 ne, layi takwas sun cinye 40 ke nan. Abin da ya rage bai kai 15 ba, kuma a ciki ake son hoto, da sunan ƙungiya, da ranar taro da wurinsa. Ba ta yiwuwa. Ko a ƙanƙanta harafi, mai wucewa ya kasa karantawa, ko a rage magana.

Nan Alhaji zai ce: “Mushe, ai abin mai sauƙi ne. A sa wadda kowa ya sani. In tsoho ya mutu, ɗakin littattafai ya ƙone. Kalma takwas, layi uku, kuɗina bai tafi banza ba.”

Mushe kuwa ya amsa: “Alhaji, kuɗinka ne zai tafi banza. Mu taimakon naɗar murya muke nema, wannan kuwa ba ta nemi kome ga kowa ba.”

Gaskiyar mushe ta fi, amma ta Alhaji ma ba a yar da ita: dole a rage. Abin tambaya shi ne ta ina aska za ta fara.

Tana farawa ne daga kalmomin da wurin da za a liƙa takarda ya riga ya faɗa. “A Afirka” ta zama dole a bakin mutumin da ke magana da taron ƙasashen duniya, domin yana bambanta nahiyarsa da tasu. A bangon tashar Maraɗi kuwa, mai karatu a Afirka yake tsaye, ba ya bukatar a gaya mishi. Kalma biyu sun tafi, ma'ana ba ta motsa ba. Bayan su sai kalmomin da ke da gajeren madadi. “Duk lokacin da” kalma uku ce, “in” tana yin aikinta da harafi biyu. “Wani” ba ta riƙe kome ba. Har zuwa nan aski ne na gyaran fuska, ba a taɓa nama ba.

Wurin da gardama take shi ne “tsoho masanin gargajiya”. Layi ba ya ɗaukar ukun, ɗaya sai ta fita, kuma hannu yakan tafi kai tsaye ga “masanin gargajiya” domin ita ce doguwa. Nan ne amfanin sanin cewa mai maganar ya faɗe ta fiye da sau ɗaya. Abin da mutum ya riƙe duk da ya canza sauran kalmomi, shi ne abin da ya ɗauka ginshiƙi. A jimlar 1960 babu tsoho, amma akwai masanan gargajiya. A ta 1966 ma suna nan. Haka nan “ba a ci amfani ba” tana cikin duka biyun. Ashe kalmar da duniya ta riƙe, watau tsoho, ita ce wadda shi ya iya yin magana ba da ita ba, waɗanda aka zubar kuwa su ne ya maimaita. Saboda haka tsoho ne zai fita daga rubutu. Ba a yi asararsa ba, domin hoton dattijo da za a sa a saman takarda zai faɗe shi ba da harafi ko ɗaya ba.

Saura wutsiyar. “Da ba a ci amfaninsa ba” tana zaune a tsakiyar rabin na biyu, ta raba ɗaki da gobararsa, har mai karatu ya gaji kafin ya kai ga “ya ƙone”. In aka ɗauke ta aka kai ƙarshe, aka kuma ce “ba a karanta ba”, an rage harafi, an kuma sami duka mai zafi a wurin da kunne ke jiransa. An canza kalma, gaskiya ne, amma ba a canza nufi ba, tun da ba a san wata hanyar cin amfanin ɗakin littattafai ba in ba karatu ba. Ga abin da ya fito, layi biyar:

Masanin gargajiya
in ya rasu,
ɗakin littattafai
ne ya ƙone
ba a karanta ba.

Kalma 14 maimakon 22, santimita 25 maimakon 40. Mai karatu ya faɗe ta da ƙarfi, zai ji inda ma'auninta yake. Kalma biyar na farko suna fuskantar biyar na biyu: masani da ɗaki, rasuwa da ƙuna. Layi na ɗaya da na uku tsawonsu ɗaya, harafi 17 kowanne. Sa'an nan kalma huɗu na ƙarshe su zo su kaɗai, bayan an zaci magana ta ƙare, su ne kuma ke sa mutum ya tsaya. Irin wannan magana mai kwatanta abu da abu kamar kayan jaki take, in aka sauke mangala ɗaya aka bar ɗaya, kaya sai ya zube. Shi ya sa ake ragewa daga ɓangarorin biyu daidai wa daida, ba a aske ɗaya ƙwal a bar ɗaya da gashinsa ba.

Akwai wata shawara da ba ta rasa fitowa a irin wannan zama, kuma tana da daɗi ƙwarai a kunnen Bahaushe: a ce “rumbu ne ya ƙone”. Rumbu harafi biyar ne, ɗakin littattafai goma sha bakwai. Kuma duk wanda ya taɓa ganin gobara a ƙauye bayan kaka ya san abin da ƙonewar rumbu ke nufi, ya fi sanin ta bisa ga ƙonewar littattafai. Amma wannan ya wuce ragi, ya zama sauya magana. Hampate Ba da gangan ya zaɓi ɗakin littattafai, domin yana magana ne da mutanen da ba su ɗauki ilimi ilimi ba sai an rubuta shi. Ya auna tsohonsa da mudun da su suka yarda da shi. In aka mai da ɗakin rumbu, an sami magana mai kyau, sai dai ba tashi ba ce, kuma ba daidai ba ne a sa sunansa ƙarƙashinta. Ƙungiya tana iya buga ta a matsayin takenta, ba suna.

Hatsarin da ya fi wannan girma yana ga magana mai “amma” a tsakiya, kuma mutumin nan ya bar misalinsa. An ruwaito cewa a shekara ta 1962, a majalisar zartaswa ta UNESCO, inda ya zauna har 1970, wani Ba'amirke ya jefi mutanen Afirka da jahilci. Hampate Ba ya amsa mishi da cewa ya yarda ba su iya karatu da rubutu ba, amma bai yarda su jahilai ba ne, sa'an nan ya kawo zancen tsoho da ɗakin littattafai. To, mai neman layi uku ya yanke a kan “amma”, ya buga rabin farko, ya sa suna. Ba a ƙara ko harafi ɗaya ba, kowace kalma daga bakinsa ta fito, duk da haka an yi mishi ƙarya tsagwaronta, domin an sa shi yana tabbatar da abin da ya miƙe ya ƙaryata. Rabin farko na irin wannan jimla sallamawa ce da mai magana ya yi domin ya sami wurin tsayawa, hukuncinsa yana bayan “amma”. In wuri ya ƙi, rabin na biyu ake ɗauka, ko a bar maganar baki ɗaya. Ƴan'uwan “amma” a wannan aiki su ne “sai dai”, “in har”, “wasu” da “wataƙila”. Gajeru ne, ba su da ado, shi ya sa aska ke fara hawa kansu, alhali su ne ke riƙe da iyakar abin da mutum ya yarda ya faɗa. Ma'aikacin da aka taɓa ɗauko rabin jimlarsa daga rahoto aka kai gaban shugabansa ya san zafin abin.

Hausa kuma tana da tarkon kanta, wanda Faransancin asali ba ya nuna ma mai tsara takarda. Korewa a Hausa ƙafa biyu gare ta, “ba” a gaba da “ba” a baya, kuma ta bayan ce ake gani kamar ƙari. Mai neman wuri ya cire ta, “ba a karanta ba” ta zama “ba a karanta”, wadda kunne ke ji kamar doka ce ta hana karatu, ko jimla ce da ba ta ƙare ba. Inda layi ya karye ma yana iya yin ɓarnar da aska ba ta yi ba. A tsarin layi takwas ɗin can, na bakwai yana faɗowa “amfaninsa ba ya”, na takwas “ƙone”. Mai wucewa da sauri sai ya haɗa “ba ya” da “ƙone”, ya tafi da cewa abin ba ya ƙonewa. Domin haka ake karya layi inda mai magana zai ja numfashi, ba inda takarda ta ƙare ba. Sai kuma haruffa masu lanƙwasa: wannan ƴar magana tana da ɗ da ƙ, kuma ba kowane salon harafi na na'ura ke da su ba. Wani ya mai da su d da k, wani ya bar ɗan akwati a wurinsu. Wanda bai duba gwajin farko da idonsa ba kafin a buga ɗari biyar, ya sayi ɗari biyar masu kuskure ɗaya.

Ta yaya za a gane an yi ragi mai kyau? Gwajin ba ya cin ko dala. A rubuta gajeruwar bisa takarda, a nuna ma mutum uku ko huɗu waɗanda ba su san asalinta ba, mai shago, direba, ɗalibar lise, a ba su ɗan lokacin da mai wucewa zai samu, a ɗauke. Kada a tambaye su ko ta yi daɗi, kowa zai ce ta yi. A tambaye su abin da mai maganar yake so a yi. In amsa ta zo “a girmama tsofaffi”, an aske ma'ana. In ta zo “a je a ɗauki abin da suka sani kafin su tafi”, to, ta isa da ranta. Wannan amsa ta biyu ita ce aikin da aka kafa ma cibiya a Yamai cikin 1968 da taimakon UNESCO, wadda daga baya aka sani da CELHTO, mai tattara tarihin baka da nazarin harsuna. Gwaji na biyu na zuci ne: da mai maganar zai bi ta tasha ya ga takardar, zai ce “haka na ce”, ko zai ce “wa ya ce haka”? Mai rai yana iya aiko da ƙaryatawa a jarida. Wanda ya rasu tun 1991 ba shi da wannan dama.

Abu na ƙarshe shi ne ƙaramin layin da ke ƙasa, wanda aka fi yi ma riƙon sakainar kashi. A littafi ko jarida, in an cire kalmomi daga tsakiyar magana akan sa ɗige uku a wurin, domin mai karatu ya san an taɓa ta. A bango ɗige-ɗigen nan suna kashe kaifin magana, kuma a nan ba su ma isa ba, tun da an fassara, an kuma sauya ma wutsiya wuri. Alamar zance, wadda ke cewa ga kalmominsa daidai, ba ta dace da ita ba ke nan. Sai a bar ta ba alama, a rubuta ƙasa da harafin santimita ɗaya: “An taƙaita daga maganar Amadu Hampate Ba, Dakar, 1966.” Alhaji zai ce ba mai karanta wannan daga bisa babur, kuma gaskiyarsa. An sa shi ne domin wanda zai matso ya kwafe maganar cikin littafinsa, ya kai ta wani bango a Tawa ko Damagaram, ya san cewa akwai cikakkiya a wani wuri, kuma an riga an rage wannan sau ɗaya.